Wa Ya Sa wa Wannan Take Hannu?

Ɗiyar ƙanwata ce ta ɓata mini rai a makon jiya, ko da yake ba ita ce mai laifin ba. Malamar firamare ce a wani gari na ƙasar Kazaure, shekararta tara tana riƙe da alli, yanzu kuma tana digiri na biyu a fannin ilimi. Ta shigo da fara'a, ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo takarda ta ce, "Kawu, an amince da takena." Da Turanci aka rubuta shi, kamar yadda aka saba, ga ma'anarsa: "Tasirin talauci da al'ada da halayyar iyaye ga ilimin 'ya'ya mata a Jihar Jigawa." A ƙasa ga sa hannun mai duba aiki, ga hatimin sashe.

Na ce mata, "To, ranar Litinin mai zuwa da safe, in kin tashi za ki fara wannan bincike, ina za ki nufa, kuma me za ki ƙirga?"

Ta yi shiru. Can ta ce, "Kawu, ai takardar tambayoyi zan raba."

Wannan amsa ita ce ciwon, kuma ba daga bakinta na fara jin ta ba. Na shafe shekaru ina karanta kundayen ɗaliban ilimi, na NCE da na digirin farko da na biyu, har na kai in na ga take zan iya faɗa maka abin da babi na biyar zai ce ban buɗe shi ba. Zai ce talauci yana da tasiri. Zai ce gwamnati ta ƙara kuɗi, iyaye su farka, sarakuna da malamai su wayar da kan jama'a. Mai sayar da rake a bakin tashar Kazaure ya san wannan, kuma bai biya kuɗin rajista na shekara biyu ba kafin ya sani.

Mu kwance taken nata mu ga abin da ta yi alkawari. Jigawa ƙananan hukumomi 27 ce tun daga Gwiwa har Birniwa, daga Babura har Gwaram. Malamar da ke koyarwa kwana biyar a mako, da goyo, da albashin firamare, ita ce za ta zagaye wannan? Ba za ta je ba, kuma wanda ya sa hannu ya san ba za ta je ba. Sannan "ilimin 'ya'ya mata" me ke nan? Shigar da yarinya makaranta ne, ko zuwanta kullum, ko iya karatunta, ko kammala aji shida, ko wucewa ƙaramar sakandare? Waɗannan abubuwa biyar ne daban, kowanne da inda ake samun bayaninsa. Yarinya tana iya zama sunanta na cikin rajista shekara shida ba ta iya karanta sunan nata ba. "Talauci" fa, da me za a auna shi a gidan da ba a karɓar albashi, inda dukiya ita ce rumbun gero da awaki huɗu da gonar gado? "Al'ada" kuwa ba ma sai na taɓa ta ba, jaka ce da ake zuba duk abin da aka kasa bayyanawa. Taura biyu ba ta taunuwa, ita an ba ta uku, an ce ta haɗa da jiha guda.

Amma kalmar da ta fi ƙona mini rai ita ce ta farko, "tasiri". Duk wanda ya rubuta ta a take ya yi alkawarin nuna cewa wannan abu shi ya haifar da wancan. Alkawari ne mai tsada. Don a san tsadarsa, a tuna aikin da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka faro a Ile-Ife a 1970. Tambayarsu ɗaya ce: yaron da aka koyar da shi da Yarbanci duk shekara shida na firamare, yana koyon Turanci a matsayin darasi, ya zai kasance in an gwada shi da wanda aka juya masa zuwa Turanci bayan shekara uku? Don su amsa wannan kaɗai sai da suka ware azuzuwan gwaji da azuzuwan kwatanci, suka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, suka horar da malamai, suka bi yaran shekara da shekaru suna yi musu jarrabawa. Abin da kalmar tasiri ke ci ke nan: rukuni biyu, a canza abu guda a ɗaya, a bar ɗayan, a auna, a jira. Ita ɗiyata za ta talauta wasu gidaje ne ta azurta wasu ta ga abin da zai faru?

Abin da ake yi a madadin haka kowa ya san shi. A rubuta jimloli ashirin irin su "Talauci yana hana 'yan mata zuwa makaranta", a sa gurabe huɗu: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. A ba su maki 4, 3, 2, 1, a tara a raba huɗu, a sami 2.50, a ce duk jimlar da matsakaicin makinta ya haura wannan "an karɓa". Sai a ɗauko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, a ga cewa in jama'a suna da yawa ƙwarai mutum 384 sun isa, a rubuta 384. Jadawalin ba shi da laifi, amma an gina shi ne a kan cewa za a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye, ba a tare duk wanda aka samu a ɗakin malamai ba. Ko da an raba takardun da gaskiya, abin da aka auna shi ne ra'ayin waɗanda aka tambaya a kan talauci. Ba a auna talauci ba, ba a auna karatun yarinya ko ɗaya ba. Take ya ce tasiri, babi na huɗu ya kawo ra'ayi, kuma a zauren kare kundi manyan malamai biyar za su zauna suna jayayya a kan girman harafi da faɗin gefen shafi.

Kuma mu daina yaudarar juna a kan "an raba da gaskiya". Na taɓa karɓar dami na takardun tambayoyi daga wani ɗalibi, wai daga ƙananan hukumomi shida, duk da biro ɗaya, alamar duk ta karkata gefe ɗaya, babu ko ɗaya da ta yi ƙura ko ta lanƙwashe. A gindin bishiya aka cike su. Na yi masa faɗa, amma da na koma gida sai na tambayi kaina wa ya fara zalunci. Wanda ya ba yaro aikin da ba zai yiwu ba, ya kuma ce lallai ya kawo sakamako a wata shida, shi ya koya masa ƙarya. Take mai faɗi lasisin ƙirƙira ne, kuma mu masu sa hannu mu ke bayar da shi.

Na ajiye takardar na ce wa ɗiyata ta manta da jami'a, ta gaya mini abin da ke damunta a ajinta. Nan take bakinta ya buɗe. "Wallahi Kawu, ranar Laraba ce. Ranar kasuwar garinmu ke nan. Sai in shiga aji biyar in tarar da bencin 'yan mata kamar an share. Wasu ma suna zuwa da safe, ana tashi tara sai su ɓace, sai ka gan su da farantin awara ko gyaɗa."

Na ce, "To ga bincikenki nan, kin zauna a kansa shekara tara kina neman wani a kantin buga takardu."

Ta ce ai wannan ya yi ƙanƙanta, za a ce ba aikin digiri na biyu ba ne. Zan dawo kan wannan magana. Da farko ga yadda muka sassaƙe shi, don a nan aikin yake.

Mun fara da abin da za a ƙirga. Ba "ilimi" ba, zuwa makaranta, kuma zuwa makaranta yana da wurin da ake rubuta shi: rajistar aji, wadda ke da gurbin safe da na rana ga kowane ɗalibi a kowace ranar karatu. Sai su wa: 'yan mata na aji huɗu zuwa shida, don su ne suka kai ɗaukar talla, tare da yara maza na azuzuwan don kwatanci. Sai ina: makarantu shida na gwamnati da za ta iya kaiwa a kan babur ta dawo a yini, uku a garuruwan da kasuwarsu ke ci Laraba, uku a inda kasuwar ke ci wata rana ta daban cikin ranakun karatu. Mun cire duk garin da kasuwarsa ke ci Asabar ko Lahadi, don babu makaranta, mun kuma cire mai ci Juma'a, don Juma'a tana da nata dalilin raguwar yara, ba za a iya rabe kasuwa da shirin masallaci ba. Sai yaushe: zango ɗaya. Ta so ta ɗauki zangon farko, na ce a'a, wannan yana faɗawa cikin kaka, lokacin girbin gero da roron wake da gyaɗa, yara suna gona, za ki rasa gane kasuwa ce ta kwashe su ko girbi. Zango na biyu, na rani, ya fi tsabta.

Taken da ya fito shi ne: "Bambancin zuwan 'yan mata makaranta tsakanin ranar kasuwa da sauran ranaku: nazarin azuzuwa huɗu zuwa shida a makarantun firamare shida na ƙasar Kazaure, zango na biyu." Ba shi da daɗin faɗa a bakin taro, na yarda. Amma duk wanda ya karanta shi ya san abin da za a ƙirga, a jikin wa, a ina, a wane lokaci. Kuma a lura, babu tasiri a ciki. Bambanci ta yi alkawari, bambanci kuwa rajista za ta iya nunawa.

Tambayoyin bincike su ne suka fi ɗaukar mu lokaci, don a nan ɗalibai suka fi zamewa. Tsofaffin tambayoyinta huɗu ne, dukkansu yanka taken ne aka yi gunduwa-gunduwa: mene ne tasirin talauci, mene ne tasirin al'ada, mene ne tasirin halayyar iyaye, sai ta ƙarshe wadda ba ta taɓa ɓacewa a kundi, "Waɗanne hanyoyi za a bi a magance matsalar?" Wannan ta ƙarshe ba tambayar bincike ba ce, gurbin wa'azi ne. Babu wani adadi ko hira da za ta tattaro da zai amsa ta, shawara ce da ya kamata ta biyo bayan sakamako in sakamakon ya ba da dama.

Sababbin guda uku ne. Ta ɗaya: kashi nawa cikin ɗari na 'yan matan da ke rajista suke halarta a ranar kasuwa, kuma kashi nawa a sauran ranaku, da safe da kuma bayan tara? Ta biyu: wannan bambanci, in akwai shi, ya fi na yara maza na azuzuwan girma? Ta uku: waɗanne dalilai iyaye mata da su 'yan matan da suka fi fashi suke bayarwa game da ranar kasuwa? Biyun farko lissafi ne daga rajista. Ta uku hira ce da mutane kaɗan, kamar uwa biyu da yarinya biyu a kowace makaranta, kuma mun rubuta ta yadda ba za ta yi ƙarya ba: dalilan da suke bayarwa, ba dalilan da suka haifar ba. A nan talaucin da al'adar za su shigo in suna nan, daga bakin masu abin, ba daga jimlar da aka tsara musu su sa alama ba.

Sai na sa ta ta yi gwajin da nake ganin ya kamata a wajabta wa kowane ɗalibi kafin a sa wa takensa hannu. Na ba ta farar takarda na ce ta zana mini jadawalin babi na huɗu, fanko, babu lamba ko ɗaya. Ta ja layi: makarantu shida a tsaye, Litinin zuwa Alhamis a kwance, kowace rana gida biyu na safe da rana, jadawali ɗaya na mata, ɗaya na maza. Minti goma ta gama. Na ce ta gwada zana na tsohon taken. Ta riƙe biro ta kasa jan layin farko, don ba ta san me za ta rubuta a kan ginshiƙin ba. Tambayar da ba ka iya zana gidan amsarta ba, ba ka san abin da kake tambaya ba.

Mun kuma lissafa nauyin aikin. Makaranta shida sau aji uku, rajista 18 ke nan in kowane aji reshe ɗaya ne. In zangon ya ba da mako 12 na karatu, akwai ranar kasuwa 12 a kowace makaranta, da ranaku 36 na kwatanci bayan an cire Juma'a. Aiki ne da mace ɗaya za ta iya kwafewa da hannu a littafi cikin 'yan makonni.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yana iya ƙaryata ta. A ce an tarar zuwa yana faɗuwa ranar Laraba a duk makarantu shidan, har da waɗanda kasuwarsu ba Laraba take ci ba, to ba kasuwar garin ba ce, wani abu ne daban, sai ta nemo shi. In kuwa faɗuwar tana bin ranar kasuwar kowane gari, Laraba a nan, Litinin a can, to ta kama wani abu mai ƙarfi. In maza da mata suna raguwa daidai, to maganar ba ta 'ya'ya mata ba ce, ta kasuwa ce da yara gaba ɗaya. Tsohon taken ba shi da wata hanya da zai fito a ce ba haka ba ne. An san amsarsa tun kafin a sayi takarda.

Akwai rami a wannan hanya, kuma ita ta fi ni saninsa. Ta ce, "Kawu, rajistar fa wasu sai ranar Juma'a suke cike ta gaba ɗaya." Haka ne. Ana gane irin wannan: mako guda da tawada ɗaya da hannu ɗaya ba gyara, kowa ya zo kullum, har yarinyar da aka san an kai ta asibiti. Wasu kuma gurbin rana ba sa taɓa shi, ko su kwafe na safe. Saboda haka kafin a sa wa sabon taken hannu, na ce ta je makarantun ta buɗe rajistar da idonta, duk wadda ta ga an yi mata cikon Juma'a ta sauya makaranta. Sannan a cikin zangon ta kai ziyarar ba-zata sau biyu ko uku kowace makaranta, ɗaya a ranar kasuwa bayan tara, ta ƙirga kawuna ta gwada da abin da aka rubuta. In rajista ta ce arba'in ta ga ashirin da biyar, wannan ma sakamako ne, a rubuta shi. Tana kuma buƙatar takardar izini daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da yardar iyaye kafin ta yi hira da yarinya, kuma sunan kowa ba zai fito a kundi ba. Duba rajistar da neman izinin kafin a sa wa take hannu ne, ba bayansa ba. Sau nawa na ga ɗalibi ya gama babi uku sannan ya gano bayanan da ya dogara a kansu babu su, ko an kulle a ofis an ce sai mai makulli ya dawo daga Dutse.

Yanzu ga maganar ƙanƙanta. Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: digiri na biyu ya kamata ya zama mai faɗi, makaranta shida ba za ta wakilci jiha ba. Gaskiya ne ba za ta wakilta ba, kuma kundin zai faɗi haka ƙarara a farfajiyar bincike. Amma ku gaya mini, takardu 384 da aka cike a gindin darbejiya wa suke wakilta? Ita aƙalla za ta fito da lambar da shugaban makaranta da kwamitin iyaye za su iya zama a kanta su ce, to ko ranar kasuwa za mu matso da lissafi da karatu zuwa darasin farko, kafin tara. Wani ɗalibi a Babura ya maimaita aikin a makarantu shida nasa, wata a Roni, wani a Gwiwa, cikin shekara uku sashe guda ya tara abin da babu wanda yake da shi yanzu. A maimakon haka muna da kabad cike da tasirin talauci, gara tana ci.

Na kuma san uzurin ɗaya, cewa malami guda yana duba ɗalibai ashirin ko talatin ga koyarwa ga makin jarrabawa. Na sha wannan wahala, ba labari aka ba ni ba. Sai dai uzurin yana kaina ne ba a bayana ba. Minti goma na zana jadawali fanko sun fi sauƙi a kan karanta shafi tamanin na shirme sau uku. Abin da ke faruwa a gaskiya shi ne an ce ɗalibi ya kawo take uku, ya je shagon buga takardu inda ake ajiye tsofaffin furojet a kwamfuta, a canza masa Katsina zuwa Jigawa, ya kawo, malam ya zaɓi wanda ya fi daɗin ji yana tsaye a bakin mota. Ba a tambaye shi me ya gani a ajinsa ba. Mutanen nan malaman makaranta ne, kowannensu yana ɗauke da tambaya ta gaske: me ya sa 'yan aji uku suke haddace abin da ke allo amma ba sa iya karanta sabuwar kalmar Hausa, minti nawa na darasin farko ke tafiya a shara da makara, ɗalibai nawa ke raba littafin lissafi ɗaya. Duk waɗannan ana ƙirga su. Mu muka koya musu cewa abin da suka sani da idonsu bai kai matsayin ilimi ba sai an sa masa babbar riga.

Ɗiyata ta koma da sabon taken da jadawalinta fanko a maƙale. Jiya ta kira ni. Ta ce malamin ya duba, ya juya takardar, ya ce aikin yana da kyau, amma taken ya yi tsawo kuma bai ji nauyi ba, ko za ta sa "tasirin ranar kasuwa" a farko, ta kuma mayar da shi "a Jihar Jigawa" don kwamiti ya fi son haka.

Na ce ta ba ni lambarsa. Ta ce, "Kawu, don Allah ka rufa mini asiri, shi zai ba ni maki." Ban kira shi ba. Ranar Laraba za ta fara zagayen duba rajista, na ce ni zan zuba mata mai a babur.